Zafin bazara da kaji: gyaran ɗaki, ruwan sha da lokacin ba da abinci

Jama'a masu saurarenmu na Bambeye da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Abijan, Libiya, Najeriya da sauran wuraren bida, wanga bayani ne a kan asarar da ke dawowa kowace shekara tsakanin Maris da farkon damana. Kaji na rage ƙwai, ƙwan da sunka yi ɓawonsa ya zama kamar takarda, wata rana kuma da la'asar a iske manyan kaji biyu ko uku kwance sun mutu ba tare da sun yi ciwo ba. A yankin Tawa, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, dare ma ba ya yin sanyi sosai. Ba mu da ikon rage rana, amma akwai abu uku da ke hannun mai kaji: wurin da kaza ke wuni da kwana, ruwan da take sha, da lokacin da take cin abinci.

Abin da zafi ke yi ma kaza

Jikin kaza mai lafiya yana da zafin digiri 41 zuwa 42, wato ya fi na mutum. Ba ta gumi, ga kuma gashi ya lulluɓe ta. Ta fi jin daɗi idan iska na tsakanin digiri 18 da 24. Muddin iska ta fi jikinta sanyi, zafi na fita ta tukkunta, da ƙafafunta, da ƙarƙashin fukafukai inda gashi bai da yawa. Shi ya sa kuke ganin ta buɗe fukafukai, ko ta tona rami a ƙasa mai sanyi ta kwanta ciki.

Idan iska ta kusa kai zafin jikinta, wagga hanya ta toshe. Abin da ya rage mata shi ne haki: ta buɗe baki tana numfashi da sauri don ruwan maƙogwaro da na huhu ya tashi ya tafi da zafi. Kaza kan fara haki tun zafi na wajen digiri 30. Hakin nan ruwan jikinta yake ci, don haka kazar da ke haki babu ruwa kusa da ita tana cikin haɗari. Idan zafin cikin jikinta ya hau da digiri huɗu ko biyar bisa yadda ya saba, mutuwa ce.

Haki yana da wata ɓarna da ba a gani da ido. Numfashin sauri na fitar da iskar da jini ke buƙata wajen gina ɓawon ƙwai, shi ya sa ƙwan bazara ke zuwa da ɓawo marar kauri ko da abincin bai canza ba. Sai abu na ƙarshe, wanda shi ne tushen maganar lokacin abinci: narka abinci kansa wuta ne a cikin jiki. Awa uku zuwa biyar bayan kaza ta cika maƙoƙonta, zafin cikinta na ƙaruwa. Kazar da ta ƙoshi da hantsi, zafin abincinta zai haɗu da zafin azahar.

Ba duka kaji zafi ke kamawa daidai ba. Kajin turawa na nama, masu nauyi, su ke fara faɗuwa, musamman daga sati huɗu zuwa sama. Sai kajin turawa masu ƙwai, sai kazar gida mai ƙiba ko mai kwanci. Kajin gida marasa nauyi, da masu wuya babu gashi, da zabbi, sun fi jurewa, amma su ma ba su jure ƙishirwa.

Yadda za a rarrabe zafi da annoba

Kamin a kashe kuɗi wajen magani, a duba da kyau. Kazar da zafi ya dama tana haki baki buɗe, fukafukai a sake, ta bar abinci, ta lizimci wurin ruwa, kashinta ya yi ruwa-ruwa saboda yawan sha. Babbar shaida ita ce lokaci: da asuba za ku gan ta garau tana tono, wahalar na farawa da azahar. Waɗanda ke mutuwa su ne mafi ƙiba, kuma tsakanin azahar da magariba ake samun su, sau da yawa a lungun da iska ba ta kai ba.

Annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal ba haka take ba. Kaza na yin sanyi tana gyangyaɗi ko da safe, kashi ya zama kore, wata wuyanta ya murɗe, numfashi na ƙara, kuma ciwon na bin kaji gida-gida ba ruwansa da babba ko ƙarama. Idan kunka ga haka, ko kunka ga kaji da zabbi na mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu tare da kumburin kai, kar a ci, kar a kai kasuwa, a gaya ma ma'aikatan kiwo na komin. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar a 2006 ta wajen Magarya, don haka irin wagga mutuwa ba abin ɓoyewa ba ce. Zafi kuwa ba ya jin maganin ƙwayoyin cuta. Kafso ko garin magani da ake zuba ma kaji a ruwa ba ya sanyaya jikinsu, wani ma ɗacinsa na sa su rage sha a lokacin da sha ne ke riƙe da ransu.

Gyaran ɗaki da akurki

A fara da rufi. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu rana na bi ta tsakar ka sosai a ƙasar Adar, don haka rufi ne ke ɗaukar zafin tsakar rana kusan duka. Tol da rana ta buga na yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma yana watso shi ƙasa bisa kaji kamar murhu. Wanda zai yi sabon gini, rufin kara ko na ciyawa ya fi tol. Wanda ya riga ya rufa da tol, ya jera itace bisa kai, ya shimfiɗa zana ko karan hatsi a kan itacen, yadda za a samu tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin tol da kara don iska ta bi. A ɗaure da waya sosai, saboda iskar da ke zuwa gaban hadarin farko ba ta barin abin da ba a ɗaure ba. Inda kara ya yi wuya don dabbobi na buƙatarsa, shafa ma tol farar ƙasa daga waje na maida wani kashi na hasken rana, sai dai ruwan sama na wanke ta, kowace bazara sai an sake.

Na biyu, iska. Ɗakin banko mai ƙofa ɗaya da ƴar taga yana da kyau da ɗari, amma da bazara tanda ne, domin bango na shan zafi duk wuni ya riƙa sako shi cikin dare. Ɗakin kaji na ƙasar zafi tsawonsa na miƙewa ne daga gabas zuwa yamma. Gajerun bangaye biyu su tare ranar safe da ta la'asar, dogayen ɓangarori biyu na kudu da arewa kuwa a bar su buɗe: gini ya tsaya a tsawon gwiwa, kamar santimitir 40 zuwa 50, daga nan har sama giriyaji. Dalilin gajarta ginin shi ne iska ta bi daidai tsawon kaza. Taga da ke can sama kusa da rufi tana fitar da iska mai zafi, amma ba ta hura kazar da ke ƙasa. Bakin rufi ya zarce bango da kusan mitir ɗaya don rana kar ta leƙo ciki, tsawon rufin kuma ya kai mitir biyu da rabi ko uku. Ledar da anka rufe taga da ita lokacin hunturu, a cire ta tun Maris.

Na uku, inuwa a kewaye. Dogon yaro na riƙe ganyensa da rani, gawo kuma da rani ne yake da ganye, don haka duka biyun suna ba da inuwa daidai lokacin da ake so. A sassabe rassan ƙasa don kar su tare iska. Inda babu itace, rumfar zana a gefen yamma na tare ranar la'asar, wadda ita ce ta fi kashe kaji.

Na huɗu, cunkoso. Kowace kaza ƙaramin murhu ce. A ƙasa mai faɗin mitir ɗaya da tsawon mitir ɗaya, kajin ƙwai huɗu sun isa da bazara. Kajin nama manya kar su wuce shida zuwa takwas. Shimfiɗar ƙasa, ko ƙaiƙayi ce ko ɓawon gyaɗa, a rage kaurinta zuwa kamar yatsa uku, domin mai kauri da ta haɗu da kashi tana yin ɗumi daga ciki.

Akwai dabarar jiƙa buhun garara a rataya a gefen da iska ke shigowa. Tana aiki ƙwarai a Maris da Afrilu, lokacin da iskarmu ta bushe ƙayau, don ruwan na tashi da sauri ya bar sanyi. Amma tana da iyaka. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, idan iskar damana ta fara shigowa ana jin gumi na manne ma mutum, ruwa ba ya tashi da sauri, kuma ƙara laima cikin ɗaki na hana hakin kaza yin amfani. A wannan lokaci a bar jiƙa buhu, a ƙara buɗe ma iska hanya. Ko da wane lokaci, buhu kar ya rufe fiye da rabin gefen, kuma kar ruwa ya ɗiga bisa shimfiɗa: jiƙaƙƙiyar shimfiɗa na kawo wari mai yaji da zawon jini ga ƙananan kaji.

Ruwan sha

Kaza mai ƙwai na shan kamar rubu'in litir a yini idan gari da sanyi. Da bazara abin na ninkawa, ya kai rabin litir. Lissafin mai sauƙi ne: kaji biyu, litir ɗaya. Kaji goma, litir biyar. A ƙauyukan da rijiya ke da zurfi, ko ake bin layin famfo tun asuba, wanga lissafi ya kamata a yi shi kamin a sayo kaji, kuma rabon kaji ya shiga cikin ruwan da ake ɗebowa da safe, kar a jira ragowar wanke-wanke. Ruwan sabulu da na omo ba na kaji ba ne.

Sanyin ruwan ma na da muhimmanci kamar yawansa. Ruwan da ya wuni cikin bido ko tiyo a rana ya yi ɗumi kamar na wanka, kaza na tsoma baki ta bar shi. Randa ko tulu a inuwa shi ne firijinmu: ruwa na tsattsafowa ta jikin ƙasar yana tashi, na ciki ya yi sanyi. Bido ma idan anka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu anka ajiye inda iska ke bi, yana sanyi. Kasko na ƙasa ya fi kwanon ƙarfe ko baƙar roba riƙe sanyi. A binne gindinsa kaɗan cikin rairayi mai laima don kar ya kife. Masu firiji a cikin garin Tawa na iya jefa ƙanƙara guda cikin ruwan azahar.

A sake ruwa sau uku aƙalla: da asuba, kamin azahar, da la'asar. Na kamin azahar shi ne wanda bai kamata a manta ba. Wurin sha kuma ya fi ɗaya, domin zakara ko babbar kaza na iya tsare kasko guda ta hana ƙanana, kuma kazar da zafi ya kama ba ta tafiya nesa neman ruwa. A riƙa wanke kasko kullum, don ruwa mai ɗumi da ɓurɓushin abinci na yin yauƙi cikin yini ɗaya. Ga ƴan tsaki, a sa faranti marar zurfi a zuba tsakuwa ciki, su sha tsakanin duwatsun ba tare da sun faɗa ba.

Wuraren sayar da maganin dabbobi na da garin bitamin da gishirin jiki da ake kira anti-sitires. Yana taimakawa a kwanakin da zafi ya yi tsanani, a bi awon da ke rubuce jikin ledar, a dama sabo kowace rana. Kanwa da gishirin miya kuwa a yi hattara: ƙarfin kanwa ya bambanta daga wata zuwa wata, gishiri mai yawa kuma na sa zawo har ya kashe ƴan tsaki. Duk ranar da anka sa wani abu cikin ruwa, a bar kasko ɗaya na ruwa zalla a gefe.

Lokacin abinci

Tunda zafin narka abinci na zuwa awa uku zuwa biyar bayan ci, kuma zafin rana a wurinmu ya fi tsanani tsakanin ƙarfe 2 da 4 na yamma, ƙa'idar ita ce maƙoƙon kaza ya zama ya sauka kamin azahar. A ba da abincin farko da gari ya waye, bayan sallar asuba, a ɗauke abin da ya rage wajen ƙarfe 9. Daga nan ruwa kawai har ƙarfe 5, sannan a kawo abinci na biyu su ci har duhu.

Ga kajin ƙwai, a kasa abincin yini kashi uku: kashi ɗaya da safe, kashi biyu da yamma. Dalili shi ne ƙwai na ɗaukar kamar awa 25 kamin ya kammala cikin kaza, kuma mafi yawan wanga lokaci wajen gina ɓawo yake tafiya, cikin dare. Abincin yamma ne ke ba ta kayan ginin. Don haka ƙonannen ƙashi da anka daka, ko ɓawon ƙwai da anka gasa anka murtsuke, da yamma ya fi dacewa a ba da shi. A murtsuke ɓawon sosai yadda ba zai yi kama da ƙwai ba, kar kaji su koyi fasa nasu.

Kajin nama su ne sunka fi amfana da ɗauke abincin rana. Girmansu na iya ja baya kaɗan, amma kazar da ta makara da kwana uku ta fi wadda ta mutu saura sati a sayar. Wagga ƙa'ida ba ta shafi ƴan tsaki na sati biyun farko ba: su a bar musu abinci koyaushe, a dai kula da inuwa da ruwa.

Da bazara kaza na rage ci da kanta, don haka ɗan abin da ta ci ya zama mai amfani. Dussa zalla na cika ciki ba ta ba da ƙarfi sosai. A haɗa ta da tsakin hatsi ko dawa, da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri ko garin kifi. Mai na ba da ƙarfi ba tare da ya ƙara zafin ciki kamar tsaba ba, shi ya sa cokali ɗaya na man gyaɗa cikin kilo ɗaya na abinci ke taimakawa, amma a haɗa na rana ɗaya kawai don kar ya yi ɗaci. Yayyafa ma abinci ruwa na sa kaji su ci da marmari, sai dai jiƙaƙƙen abinci na tsami da sauri a zafi. A ba su abin da za su cinye cikin rabin awa, a wanke mazubin.

Misali: kajin ƙwai 60 a ɗakin tol

A ɗauka wani gida na da kajin ƙwai 60 cikin ɗakin banko mai rufin tol, tsawo mitir 4, faɗi mitir 3, ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Ana zuba abinci sau ɗaya da hantsi, ruwa kuma roba biyu. Afrilu ya shigo, ƙwai ya ragu, ana samun fasassu, kaza biyu sun mutu da la'asar. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Faɗin ɗakin: 4 sau 3, 12 ke nan. Kaji huɗu a kowane, ɗakin na 48 ne. Akwai rarar 12. Ko a kewaye wani fili a jikin ɗakin da giriyaji a yi masa rumfar zana, ko a zaɓi waɗanda sunka daina ƙwai a sayar. Ana gane su: tukkunsu ya ƙanƙance ya bushe, kuma tsakanin ƙasusuwa biyu na wajen dubura yatsa biyu ba su shiga.

Rufi da bango: a ɗora kara bisa tol, a fasa dogayen bangaye biyu a sa giriyaji. Idan bangon ne ke ɗauke da rufi, kar a rushe shi, a fasa manyan tagogi masu kallon juna, ƙasa-ƙasa, tare da magini.

Ruwa: idan an riƙe duka 60, rabin litir sau 60, litir 30 a yini. A ƙara na wanke mazubi da jiƙa buhu, bido biyu na litir 20 ke nan kowace rana. Wurin sha huɗu, ɗaya ga kowace kaji 15, a warwatsa su, kar a jera su lungu guda.

Abinci: giram 110 sau 60, kilo 6 da giram 600. Da asuba kilo 2 da giram 200, da ƙarfe 5 kilo 4 da giram 400. Tunda yanzu duka za su rugo lokaci ɗaya da yunwa, kowace na buƙatar wajen santimitir 10 a bakin mazubi, mitir 6 gaba ɗaya. Mazubi uku masu tsawon mitir ɗaya, da ake ci ta gefe biyu, sun biya. Idan mazubi ya yi kaɗan, manya za su ƙoshi ƙanana su kwana da yunwa, turereniya kuma na ƙara zafi. Canjin lokaci a yi shi a hankali cikin kwana uku ko huɗu.

Idan da yamma ba su cinye rabonsu ba, fitilar sola na taimakawa: a kunna ta awa ɗaya zuwa biyu a tsakar dare, lokaci guda kullum, su tashi su ci su sha cikin sanyi. Yadda za a san gyaran ya kama: haki ya ragu da la'asar, mutuwa ta tsaya, abinci na ƙarewa. Ɓawon ƙwai na gyaruwa kamin yawan ƙwai ya dawo, kuma da wuya ya kai na lokacin ɗari sai gari ya sauya. Ma'aunin zafi da anka rataya daidai tsawon kan kaza, ana duba shi da ƙarfe 3 kamin gyara da bayansa, zai nuna ko aikin ya yi.

Kajin gida masu yawo

Mafi yawan gidajenmu kajinsu sakakku ne, suna neman inuwa da kansu ƙarƙashin rumbu ko amalanke. Matsalarsu biyu ce: ruwa da dare. Kasko ya kasance a inuwar da suke wuni, wadda ba ta gushewa idan rana ta karkata. A sake su tun gari na wayewa su yi tono cikin sanyi, tsabar da ake watsa musu kuma a bar ta sai yamma, hakan ma na sa su dawo gida da wuri.

Da dare, akurkin laka da ake toshe bakinsa da dutse ko faifan tol ya wuni yana shan rana, sannan a cusa kaji goma ciki. A yi masa rumfa bisa kai, a huda ƙananan ramuka sama da ƙasa, a maye murfin da giriyaji mai ƙananan ido da zai bar iska ta shiga ya hana muzuru da maciji. Zana da tsagar bango na ɓoye ƙuma da kaska masu shan jinin kaji da dare, don haka a riƙa sharewa ana zuba toka. Kaza mai kwanci kuwa ba ta son barin ƙwanta ko ƙishirwa na cin ta. A sa mata ruwa dab da ita, kuma gurbin ya kasance a ƙasa bisa rairayi cikin inuwa. Ƙwai na ƙyanƙyashewa ne a zafin digiri 37 zuwa 38, wanda ya daɗe sama da 40 ɗan cikinsa na mutuwa.

Idan kaza ta faɗi, da ranar kasuwa

Kazar da ta kwanta tana haki ba ta iya tashi, a ɗauke ta zuwa inuwa mai iska. A tsoma ƙafafunta da ƙirjinta cikin ruwan randa na minti ɗaya ko biyu, kai na waje, a jiƙa ƙarƙashin fukafukai da tukku. Ruwan ƙanƙara ya yi tsanani. Kar a ɗura mata ruwa a baki, yana iya bin hanyar numfashi. A taɓa bakinta da ruwan, idan ta farfaɗo za ta sha da kanta. Sauran kajin kuma kar a kore su ko a kama su cikin rana. Rigakafi, kamu da sauya ɗaki duk aikin asuba ne.

Masu kai kaji kasuwar Lahadi ta Tawa ko kasuwannin ƙauye, a tashi da sassafe. Kajin da anka ɗaure ƙafa anka rataya kai ƙasa jikin babur suna wahalar numfashi, waɗanda ke gefen salansa kuma zafi biyu ke cin su. Keji ko kwando mai iska da zana bisa kai ya fi, tare da ɗan bido na ruwa. A ba su ruwa kamin tafiya, a rage abinci.

Ga ƴan uwa da ke waje

Da yawa daga cikinku kan aiko kuɗi a fara kiwon kaji a gida, ga mahaifiya ko mai ɗaki. Idan kuna waya, ku tambayi abu uku: da me anka rufa ɗakin, bido nawa kaji ke samu a yini, ƙarfe nawa ake ba su abinci. Idan za a kashe kuɗi, giriyaji, randa, ƙarin mazuban ruwa, fitilar sola da ma'aunin zafi su ne gaba da ƙarin kaji. Kajin nama kuma a lissafa: suna kai nauyin sayarwa cikin sati shida zuwa bakwai, don haka ɗan tsakon da anka sayo a tsakiyar Maris zai yi nauyi daidai ƙarshen Afrilu, lokacin da ya fi haɗari. Idan ɗakin bai gyaru ba, a rage yawansu ko a jira ruwa ya sauka. Mai tambaya a kan rigakafi ko awon magani ya nemi ma'aikacin kiwo mafi kusa da shi. Allah ya kai mu damana lafiya, ya tsare mana dukiyarmu.